Koken 'Yan Kasuwa Kan Tanadin Ruwan Kashe Gobara

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ƙaramar Hukuma,
Ta hannun Mai Girma Hakimi da Sarkin Kasuwa.
Kwafi zuwa ga shugaban ofishin kashe gobara da manajan hukumar ruwa na yankinmu.



Mu shugabannin layukan babbar kasuwar garin nan, daga 'yan yadi da teloli har zuwa 'yan katifa da 'yan hatsi, mun kawo kukanmu gabanka a kan ruwan kashe gobara. Labari ya iso mana cewa majalisa ta amince a haƙa mana rijiyar burtsatse, a ɗora tankunan roba biyu masu cin lita 10,000 kowanne a kan ƙafar ƙarfe, a kuma yi wa tsofaffin famfunan gobara na kasuwa jan fenti. Mun gode da wannan tunawa da aka yi da mu. Sai dai muna roƙon a dakata da bayar da kwangilar har a karanta wannan takarda, domin aikin, yadda aka tsara shi, ba zai kashe wutar layi ɗaya ba, kuma idan aka kashe kuɗin a kansa, za a ce an riga an yi wa kasuwa tanadi, mu kuma mu rasa bakin sake roƙo.

Ba mu zo da tsegumi ba, lissafi muka zo da shi. Mun zauna da wani tsohon ma'aikacin kwana-kwana da ya yi ritaya, da wani injiniyan ruwa ɗan garin nan, muka zaga kasuwa da igiyar awo da duro da agogo. Duk abin da ke cikin takardar nan, kowa na iya zuwa ya sake aunawa da idonsa.

Yallaɓai, kana sane da gobarar da ta tashi a layin 'yan yadi cikin hunturun da ya wuce. Abin da mutane suka riƙe shi ne wai 'yan kwana-kwana sun zo ba ruwa, har wasu matasa suka jefe su da duwatsu. Wannan magana ba gaskiya ba ce, kuma zalunci ne a kan bayin Allah da suka shiga hayaƙi domin dukiyarmu. Motar ta zo a cike. Tankinta lita 4,000 yake ci. Mesa ɗaya babba tana fitar da kusan lita 500 a minti, kuma mesa biyu suka ja, ɗaya ta fuskanci wutar, ɗaya tana jiƙa rumfunan da ke maƙwabtaka. Lita 1,000 a minti ke nan, saboda haka a cikin minti 4 tanki ya ƙare. Ruwan da ke cikin motar kwana-kwana na fara faɗa ne kawai, kafin a haɗa ta da wani ruwan da ba ya yankewa. A duk duniya haka abin yake. Abin da ya faru a daren nan shi ne, da suka waiwaya neman inda za su haɗa, babu. Suka naɗe mesa, suka tafi ɗibo ruwa a nisan kilomita 4, suka dawo bayan fiye da rabin sa'a. A layin da aka jibge atamfa da shadda da katifar soso, ga iskar hunturu tana busowa daga arewa maso gabas, rabin sa'a ya ishi wuta ta tsallake layi uku. Kuma ta tsallake.

Ba mu kaɗai ba ne. Kasuwar Sabon Gari ta Kano ta ƙone a watan Maris na 2016, dubban shaguna suka tafi. Babbar kasuwar Sakkwato ta kama a Janairun 2021, ta Katsina a Maris na 2021, Kasuwar Monday ta Maiduguri kuma a Fabrairun 2023. Dukkansu a cikin rani, dukkansu a manyan biranen da suka fi mu motoci da ma'aikata. In wuta ta iya cin waɗannan, mu da muke da mota ɗaya ba mu da dalilin dogara da ita.

Kukanmu na farko a kan famfunan gobara ne, waɗanda ake shirin yi wa fenti. Taswirar da ke ofishin kasuwa ta nuna guda shida. Mun samu uku. Cikin sauran ukun, biyu suna ƙarƙashin daɓen siminti, domin an yanka filin an ba da shi rumfa da takardar hukuma, ɗaya kuma an rufe shi da kwalta lokacin da aka gyara titin gabas. Cikin ukun da muka gani, ɗaya tsatsa ta cinye mabuɗinsa, ba ya juyawa ko da an sa dogon ƙarfe, ɗaya kuma ɓarayi sun kwance bakin tagullarsa, ba inda mesa za ta kama. Guda ɗaya ne ya ba da ruwa, shi ma sai da muka jira ranar da ake sako wa unguwarmu ruwa. Ya fara da huci da tari na iska, sannan jan ruwa mai laka, sannan ya daidaita. Muka tara masa duro mai cin lita 200, ya cika shi a minti biyu da rabi. Lita 80 ke nan a minti. A ƙa'idar da ake bi a Birtaniya, ana so famfon gobara ya iya ba da lita 1,500 a minti, wato ya cika wannan duron a daƙiƙa 8.

Dalilin bai ɓuya ba. Da aka tona gindinsa, sai ga shi a kan bututu mai faɗin inci 2 yake zaune. Famfon gobara ba ya ƙirƙirar ruwa, ƙofa ce kawai a jikin bututu, abin da bututun ya kawo shi zai bayar. Ruwa kuwa in yana gudu a cikin bututu, gogayya da bango tana cinye ƙarfinsa, kuma idan aka ninka yawan ruwan sau biyu, asarar ƙarfin tana ninkuwa kusan sau huɗu. Masu aikin ruwa suna auna ƙarfi da tsayin da zai iya ɗaga ruwa sama, kowace mita 10 ita ce lamba ɗaya a fuskar agogon awon da ke jikin mota. Injiniyanmu ya lissafa mana cewa idan aka tilasta wa bututun inci 2 ya kawo ruwan mesa ɗaya tak, lita 500 a minti, zai yi asarar ƙarfin da ya haura mita 30 a kowace tafiyar mita 100. Bututun inci 6 kuwa zai ɗauki lita 1,500 a minti, ya yi asarar da ba ta kai mita 2 ba a wannan tazarar. Shi ya sa ba a ɗora famfon gobara a kan abin da ya gaza inci 4, kuma inci 6 ne ake so. Namu ruwan, ranar da ya zo da ƙarfinsa, da kyar yake hawa tankin bene mai hawa ɗaya.

Akwai wani abu da ke yaudarar masu duba aiki, muna so a kula da shi. Idan aka ɗaura agogon awo a bakin famfo alhali ba a buɗe ko'ina ba, allura na iya nuna ƙarfi mai kyau, har a rubuta a rahoto cewa famfo lafiya lau. Wannan ƙarfin ruwan da ke tsaye ne. Gwajin gaskiya shi ne a bar agogon a famfo ɗaya, a je a buɗe na kusa da shi gaba ɗaya, a auna abin da ke fita, a kuma duba inda allurar ta sauka. A Amurka ana ƙidaya ruwan famfo ne da sharaɗin cewa ƙarfin da ya rage a bututu bai yi ƙasa da kimanin mita 14 ba. Duk abin da aka tatsa bayan wannan, ba a lissafa shi.

Wani zai ce ai motar kwana-kwana tana da inji mai ƙarfi, ta ja ruwan mana. Nan ne haɗarin yake. In injin ya nemi abin da bututu ba zai iya bayarwa ba, mesar da ta haɗa su sai ta yi laushi ta lotse, allurar shiga ta faɗi ƙasa, injin ya fara ƙara kamar ana niƙa tsakuwa a cikinsa. Wannan ƙarar alama ce cewa yana cin kansa. Abin da ya fi wannan muni yana faruwa a ƙarƙashin ƙasa. Bututan garin nan tsofaffi ne, da yawa sun bi ta cikin kwata, kuma suna yoyo. Muddin akwai ƙarfi a ciki, ruwa waje yake fita. Da zarar an zuƙe su har ƙarfin ya ƙare, ruwan kwata ne zai shiga ta inda ake yoyon, gobe a sako ruwa ya isa randunan mutane. Ba ma so a kashe mana wuta da daddare a wayi gari da amai da gudawa a unguwa.

Kuma ko da bututun inci 6 ne, mu ana ba mu ruwa ne kwana biyu ko uku a mako, na 'yan sa'o'i. Gobarar kasuwa yawanci cikin dare take tashi, lokacin da bututun ba komai a cikinsa sai iska. Don haka ba ma roƙon a sake wa gari bututu saboda mu. Mun san nauyin wannan ya fi ƙarfin ƙaramar hukuma. Garin da bututunsa ba shi da ƙarfi, ajiye ruwan gobararsa yake yi tun kafin ranar, a kusa da inda za a buƙace shi, ya bar bututun ya riƙa cika ma'ajiyar a hankali.

Wannan ya kawo mu ga rijiyar burtsatse da tankunan roba. Ƙasarmu ta dutse ce, rijiyoyin da ke kewayen kasuwa, waɗanda ake ce wa masu kyau, lita ɗaya suke bayarwa a daƙiƙa. Lita 60 ke nan a minti, bai ma kai abin da famfon da muka gwada ya bayar ba. Rijiya irin wannan tana da amfani, amma amfaninta cika ma'ajiya ne cikin kwanaki, ba ciyar da mesa ba. Su kuma tankunan, jimlarsu lita 20,000, a kan buƙatar lita 1,500 a minti za su ƙare a minti 13. Kuma ba za su ma iya sakin ruwan da wannan saurin ba, domin mafitar da ake sa wa irinsu inci ɗaya da rabi ce, da kyar za ta ba da lita 300 a minti. Tsayin ƙafar da aka tsara mita 6 ne, alhali bakin mesa yana buƙatar ƙarfin mita 30 zuwa 40 kafin ruwa ya yi tsiri ya kai rufin shago. Ga shi an zaɓi a kafa su a tsakiyar kasuwa, kusa da 'yan katifa. Roba narkewa take yi, ƙarfe kuma in ya ji wuta sai ya lanƙwashe. Sannan mu da muke zaune a nan mun san halin kasuwa: tankin da aka sa wa kan famfo a ƙasa, masu alwala da masu abinci da 'yan garuwa za su tatse shi kafin la'asar, kuma ba wanda zai ga laifinsu.

An kuma gaya mana cewa idan abu ya faru za a kira tankokin ruwa na 'yan kasuwa da na kamfanin gine-gine su taimaka. Allah ya saka musu, sun taimaka a bara. Amma a lissafa. Tankar da ke cin lita 10,000, abin da ake samu daga cikinta kusan 9,000 ne, saboda zuba a hanya da abin da ke saura a gindi. Tafiyar kilomita 4 a cikin gari da kaya mai nauyi minti 8 ce, dawowa ma haka. Cikawa minti 10, in wurin ɗiban yana da inji mai kyau. Juyewa da juya mota minti 5. Zagaye ɗaya ya haura minti 30. In aka raba lita 9,000 a kan minti 30, tanka ɗaya tana kawo lita 300 ne a minti. Kafin a kai 1,500 sai an samu tanka biyar suna zagayawa ba tsayawa, da direbobinsu a farke, da mai a cikinsu, da ƙarfe biyun dare. Ko an same su, in wurin ɗiban lita 300 yake bayarwa a minti, layi kawai za su yi a can, tanka ta shida ba za ta ƙara ko ɗigo ba. Tankoki na agaji ne bayan sa'ar farko. Sa'ar farkon kuwa ita ke raba gobarar shago biyar da gobarar kasuwa.

Ranka ya daɗe, ga abin da muke roƙo a yi da kuɗin.

A gina ma'ajiyar ruwa ta kankare a cikin ƙasa. Girmanta daga lissafi zai fito: mesa uku suna aiki tare, lita 1,500 a minti, na tsawon sa'a 2, ya zama lita 180,000. Ba mu zaɓi wannan adadi don zari ba. Ƙa'idar gine-gine ta Ingila ta yarda a ajiye tankin da bai gaza lita 45,000 ba a inda bututu ya kasa, amma wannan mafi ƙaranci ne, na rabin sa'a a kan wannan gudu, a ƙasar da agaji ke isowa da wuri. Mu garin da zai kawo mana mota ta biyu yana da nisan tafiyar sa'a guda, kuma kayanmu yadi ne da soso da leda, masu ci su sake ci daga ciki bayan an ɗauka sun mutu.

Kada a yi ta guda ɗaya. A raba ta biyu, lita 90,000 kowacce, wato tsawon mita 6, faɗin mita 5, zurfin ruwa mita 3. Ɗaya a ƙofar arewa, ɗaya a ƙofar kudu. Dalilinmu biyu ne. Wuta da hayaƙi na iya tare hanyar zuwa ɗaya, kuma da hunturu mun san hayaƙin kudu maso yamma zai nufa, don haka ta arewa ce za ta fi yin aiki a lokacin da aka fi jin tsoro. Na biyu, ranar da aka kwashe ɗaya don wanki ko gyara, kasuwa ba za ta kwana ba ruwa ba. Kasuwarmu tsawonta kusan mita 400 ne, faɗinta 300. Da ma'ajiya a kowane kai, yawancin rumfuna suna cikin tazarar mita 200 zuwa 250 daga ruwa. Mesa ɗaya tsawonta kusan mita 25 ne, ke nan guda takwas zuwa goma za a jona. A nan ma kauri ne ke hukunci. Babbar mesa mai faɗin milimita 70 tana asarar ƙarfin kusan mita 2 a kowane tsawo, guda goma mita 20, abin da injin mota zai cike ba wahala. Siririya mai milimita 45, a kan ruwa iri ɗaya, tana asarar kusan mita 15 a kowane tsawo, guda goma sun cinye duk abin da injin ke da shi. Motarmu manyan mesa shida gare ta, biyu suna yoyo. Muna roƙon a ƙara su, domin ma'ajiyar da mesa ba ta kai ruwanta wurin wuta ba, aikin banza ce.

Me ya sa zurfin mita 3 kawai, ba a haƙa rami ɗaya mai zurfi a huta ba? Saboda injin mota ba ya jan ruwa daga kowane zurfi. Abin da yake yi shi ne ya fitar da iskar da ke cikin mesar zuƙa mai tauri, sai nauyin iskar sararin sama ya danno ruwan ya hau. Wannan nauyin iyakarsa mita 10 da 'yan kai a bakin teku, kuma a aikace ba a wuce mita 7 zuwa 8. Mu da muke kan tudu, ga ruwanmu da ɗumi, abin ya ƙara raguwa. Injinan kwana-kwana ana auna cikakken aikinsu ne a kan ɗagawar mita 3, in ta kai mita 7 kusan rabi suke bayarwa. Wannan ne ya sa kududdufin bayan kasuwa bai cece mu ba. A ƙarshen damina ruwansa yana kusa da baki, amma a watan Maris ya sauka fiye da mita 6, gaɓarsa ta yi laushi mota ba ta iya matsowa, matacin mesa kuma yana shiga laka da leda suke toshe shi.

Akwai ƙananan abubuwa da in ɗan kwangila ya tsallake su, ma'ajiyar za ta zama rami kawai, shi ya sa muke so a rubuta su a cikin takardar aikin. A kafa bututun zuƙa na dindindin, inci 4 ko 6, daga gindin ma'ajiya ya fito sama ya lanƙwaso, da mataci a ƙasansa. Bakinsa na waje dole ya dace da mesar zuƙa ta motarmu. A kawo motar a gwada kafin a biya kuɗi, domin kayan da ake shigowa da su daga Birtaniya da Jamus da Sin ba haƙora ɗaya gare su ba, kuma an sha ganin mota tsaye a kan ruwa ta kasa sha saboda baki bai shiga baki ba. A yi ɗan rami a daɓen ma'ajiyar inda matacin zai zauna. In ba a yi ba, da ruwa ya rage saura rabin mita zai fara juyawa yana jawo iska, inji ya saki, kuma rabin mita a wannan faɗin lita 15,000 ce da muka ajiye ba za mu mora ba. A yi daɓen kankare a gefe wanda zai ɗauki mota mai nauyi da damina, a kafa masa turakun ƙarfe don kada gobe a wayi gari an yanka shi rumfa. Murfi ya zama mai kulle saboda yara, mashigar iska kuma a sa mata raga saboda sauro.

Batun masu ɗiban ruwa kuwa, hana su ba zai yiwu ba, kuma ruwan da ya shekara a tsaye lalacewa yake yi. Dabarar ita ce a ƙara wa ma'ajiyar ɗan tsayi, a sa bututun masallaci da banɗaki ya tsaya a sama, daidai layin lita 90,000. Abin da ke bisa layin na kowa ne. In ruwa ya sauka ya kai layin, famfon alwala zai ɗauke da kansa, mutane su yi ta ƙorafi, a san cewa injin cikawa ya tsaya, alhali ruwan gobara yana nan ba a taɓa shi ba. A nan rijiyar burtsatsen da majalisa ta amince da ita za ta yi aikinta. A kan lita 3,600 a sa'a, cika lita 180,000 zai ɗauki sa'a 50 na aiki, kimanin kwana takwas ke nan da injin hasken rana. A jona bututun hukumar ruwa shi ma, da bawul mai tashi da ruwa, ya zuba abin da ya samu ranar da aka sako. Lita 80 a minti ba ta kashe wuta, amma a sa'a 4 ta tara sama da lita 19,000.

Idan kuɗi ya samu nan gaba, mataki na biyu shi ne bututun inci 6 da zai kewaye kasuwa ya haɗe da kansa, domin kowane famfo ya sami ruwa ta fuska biyu, da makullai a tsakani yadda in wuri ya fashe za a rufe shi kaɗai. Famfunan kada tazararsu ta wuce mita 90, kewayenmu na mita 1,400 zai ci kamar 16. Abin da zai tura ruwan shi ne inji a gindin ma'ajiya, mai ba da lita 1,500 a minti a kan ƙarfin mita 70, wanda injiniyanmu ya ce mai ƙarfin doki 50 zai yi. Na dizal muke so. Abu na farko da ake yi in gobara ta tashi shi ne yanke wutar lantarki, in ma akwai ta. Irin wannan inji ana tayar da shi kowane mako ya yi aikin rabin sa'a, a duba mai da batir, in ba haka ba ranar da ake nemansa ba zai tashi ba. Amma wannan na gaba ne. Ma'ajiya biyu da motar da muke da ita za su fara aiki tun ranar da aka cika su, ba sai an jira komai ba.

Muna kuma tunatarwa cewa layin 'yan man gyaɗa da masu sayar da fetur a galan ba a cikin wannan lissafi suke ba. Ruwa ba ya kashe wutar mai, ɗaukarta yake yi ya kai ta gaba. Su kumfa ake sa musu da yashi, kuma ya kamata a matsar da su gefen kasuwa.

Saura kukanmu na ƙarshe, wanda ya fi mana ciwo. Kowane shago yana biyan kuɗin shekara, kuma a jikin rasit akwai layin da aka rubuta na tsaro da kariyar gobara. Ba mu taɓa ganin an zo an buɗe famfo ɗaya don gwaji ba. Hanyar da aka bari tun asali don mota ta ratsa kasuwa daga arewa zuwa kudu, faɗinta ya haura mita 6, yau kura ma sai ta karkace take wucewa, saboda teburan da aka ba izini ake kuma karɓar haraji a kansu. Motar kwana-kwana tana buƙatar kusan mita 4 a buɗe. Mun yarda a tashi teburan nan, mun kuma yi magana da masu su, sharaɗinsu a ba su wani wuri kafin a tashe su, kuma muna ganin sun yi gaskiya.

Don haka muna roƙon Mai Girma Shugaba ya dakatar da sayen tankunan roba da fentin famfuna, ya sa a juya kuɗin zuwa ma'ajiyar ƙofar arewa tukuna, ta kudu ta shiga kasafin baɗi. Ƙungiyarmu ta ɗauki nauyin yashi da tsakuwa da abincin leburori, da albashin mutum ɗaya da zai riƙa duba ruwan kowace Juma'a yana rubutawa a littafi. Muna roƙon a tono famfuna ukun da aka binne, a gwada dukkan shidan a gaban wakilanmu da na ofishin kashe gobara, wanda ya gaza a cire shi ko a rubuta a jikinsa abin da yake bayarwa, don kada direba ya ɓata minti biyar a kansa cikin dare. Muna kuma roƙon a ba mu rana a cikin wannan wata mu zo da injiniyanmu da takardun awon, domin kankare yana buƙatar kusan mako huɗu kafin ya yi ƙwarin da za a cika shi da ruwa, kuma muna so a cika ta kafin iskar hunturu ta fara.

Allah ya ƙara wa Shugaba lafiya, ya yi masa jagora.

Mu ne naka,
Shugabannin layukan babbar kasuwa, a madadin dukkan 'yan kasuwa.